Gwajin Kemistiri na Mako, Aji Uku na Babbar Sakandare: Tambaya ta 7

Maki 5. Minti 6. A amsa (a) da (b) kafin a taɓa (c). Wanda ya zaɓi suna ba tare da ya nuna rukunan ba, maki ɗaya kawai zai samu.

Dubi zanen wannan sinadari:

```
    H   OH  H   O
    |   |   |   ||
H - C - C - C - C - O - H
    |   |   |
    H   H   H
```

(a) Zagaye rukunan aiki guda biyu da ke cikin zanen, ka faɗi sunan kowanne.

(b) Kabon nawa ne a sarƙar, kuma daga wane ɓangare za a fara ƙirga?

(c) Wanne ne sunansa bisa tsarin IUPAC?

A. 2-hydroxybutanoic acid
B. 3-hydroxybutanoic acid
C. butane-1,3-diol
D. 2-hydroxypropanoic acid

Amsa da bayani (kada a karanta sai an gama)

(a) A ƙarshen dama akwai kabon da ya riƙe O da layi biyu, kuma shi ɗin ne dai ya riƙe OH. Wannan rukuni ɗaya ne, -COOH, na asid. Yara, ku daina raba shi gida biyu kuna cewa ga kiton ga alkahol. Bara sai da rabin aji suka yi haka. Ɗaya OH ɗin da ke zaune shi kaɗai a kan kabon na biyu daga hagu, shi ne na alkahol.

(b) Kabon huɗu ne. Na cikin -COOH ma ana ƙirga shi, shi ne ma na 1, domin asid ya fi alkahol girma a tsarin ba da suna. Don haka daga dama za a fara. Tunda asid ya karɓe ƙarshen suna, -oic acid, sai alkahol ya koma gaba a matsayin hydroxy.

(c) B. Ƙirga daga dama: OH ya faɗo a kan kabon na 3. Hanta tana yin wannan sinadari, C4H8O3, daga kitse idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba.

Wanda ya zaɓi A ya gane rukunan sarai, amma ya ƙirgo daga hagu. Mai C ya ga OH biyu ya yi murna, bai lura da layi biyun da ke kan O ba. A zuba NaHCO3 a kan sinadarinmu, zai yi kumfa ya fitar da CO2. Butane-1,3-diol kuwa ko motsi ba zai yi ba. D tarkon wanda ya manta da kabon ɗin -COOH ne, ya ga uku kawai. Sinadari ne na gaske, C3H6O3, shi ke sa nono tsami, amma ba shi aka zana ba.

Rabon maki: (a) 2, (b) 2, (c) 1.