Sanarwa ta uku kan tangarɗar manhaja: halin da ake ciki da ƙarfe 12:30

Talata, ƙarfe 12:30 na rana agogon GMT

Abokan hulɗarmu masu girma, barkanku da war haka, sannunku kuma da haƙuri.

Har yanzu ba a kammala gyara ba. Tun ƙarfe 9:26 na safe, masu asusun da ke Rukunin C ba sa iya ajiye sabon abu a manhajar lissafin ciniki: ba a shigar da ciniki, ba a fitar da sabon rasit, ba a gyara adadin kaya. Suna iya shiga asusunsu, su duba tsofaffin rasit da rahotanni, su sauke su. Rukunin A da B da D suna aiki kamar kullum, sai dai saƙon imel mai ɗauke da rasit yana makara da kusan minti 20 ga kowa, domin layin tura saƙo guda ɗaya ne duka rukunan ke bi.

Idan kuna son sanin rukuninku, ku buɗe Saituna, ku shiga Bayanin Asusu, harafin yana ƙarƙashin sunan kasuwancinku. Kusan asusu ɗaya cikin kowane huɗu yana Rukunin C.

Kafin bayanin abin da ya faru, ga abin da ya fi gaggawa. Idan a waya kuke aiki, don Allah kada ku goge manhajar, kada ku fita daga asusunku, kada kuma ku share bayanan manhajar da nufin ta warware. Duk cinikin da kuka shigar tun da ajiya ta tsaya da safe yana nan a cikin wayar, yana jiran layi. Za ku gane shi da ɗan hoton agogo mai ruwan toka a gefensa, maimakon alamar kore da kuka saba gani. Wannan cinikin bai iso wurinmu ba tukuna, wayarku ce kaɗai ke riƙe da shi. In aka goge manhajar ya tafi ke nan, kuma ba mu da hanyar dawo muku da shi. Mutum biyu sun riga sun rubuto mana cewa sun cire ta sun sake saukewa, abin da kowa zai yi tunanin yi ne idan manhaja ta ƙi aiki, kuma da mun yi wannan gargaɗin tun a sanarwar farko da ba su yi ba.

Masu aiki ta burauza a kwamfuta, naku ya bambanta. Burauza ba ta riƙe muku komai. Abin da kuka rubuta kuka danna Ajiye ya ƙi, to bai ajiyu ba a gefenku. Ku rubuta cinikin yau a takarda, da lokacin da aka yi shi, ko ku koma manhajar waya idan kuna da ita.

Akwai lambobi biyu da ke fitowa a allo, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Lambar 503 na nufin sabar, wato kwamfutarmu da ke ajiye bayananku, ta ƙi karɓar buƙatarku tun daga ƙofa, ba a rubuta komai ba. Ita ce mafi yawanku ke gani yanzu. Lambar 504 kuwa na nufin an miƙa buƙatar ciki, aka jira amsa har lokaci ya ƙare. A nan mai yiwuwa cinikin ya shiga, mai yiwuwa bai shiga ba. Waɗanda suka ga 504 da safe, tsakanin 9:12 da 9:26, suka yi ta danna Ajiye sau uku sau huɗu, wataƙila su tarar da ciniki ɗaya ya fito sau biyu bayan an gama gyara. Za mu fitar wa kowane asusu jerin cinikin da muke zargin ya maimaitu, amma ku za ku duba ku ce a cire. Ba za mu goge muku komai da kanmu ba, don abu ne mai yiwuwa mutum ya sayar da kaya iri ɗaya sau biyu cikin minti ɗaya.

Yanzu ga abin da ya faru, gwargwadon abin da muka tabbatar.

Kowane rukuni yana da babbar saba guda da ke karɓar rubutu, da wasu biyu da ke kwafar abin da ta rubuta. Da ƙarfe 8:50 muka kunna aikin sake lissafin rahotannin wata a Rukunin C, da sabon tsarin da muka ɗora a makon jiya. Aikin ya yi rubutu fiye da yadda ya yi a gwaji nesa ba kusa ba. Da 9:12 babbar sabar ta fara tafiyar hawainiya, da 9:26 ma'ajinta ya cika ta tsaya cik. Mu muka tsara aikin, mu muka kunna shi, don haka a wuyanmu abin yake. Ba daga intanet ɗinku ba ne, ba daga wayoyinku ba ne, kuma ba wani abu kuka danna ba daidai ba. Akwai ƙararrawar da ya kamata ta yi ƙara tun ma'ajin bai cika ba, ta yi, amma a makare. Dalilin makararta na cikin abin da za mu bincika bayan an tashi daga wannan.

Da yawanku sun yi tambaya mai kyau: tunda akwai saba biyu masu kwafi, me ya hana a ɗora ɗaya a madadin wadda ta tsaya? A ƙa'ida haka ake yi, kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Matsalar ita ce yawan rubutun ya sa masu kwafin sun faɗo baya. Lokacin da babbar ta tsaya, wadda ta fi kusa a cikinsu tana kan abin da aka rubuta da ƙarfe 9:20. Da mun ɗora ta a lokacin, da manhaja ta dawo tun kafin ƙarfe 10, amma cinikin minti shida, daga 9:20 zuwa 9:26, da ya ɓace daga littafinku, har da wanda aka riga aka miƙa wa mai saye rasit ɗinsa. Sabbin rasit kuma da sun ɗauki lambobin waɗancan, a wayi gari rasit biyu na yawo da lamba ɗaya. Muka ga kada garin gyaran gira a rasa ido, muka zaɓi a tsaya. Mun san wannan zaɓin yana ci muku lokaci a tsakiyar ranar aiki, mun kuma san akwai waɗanda da an tambaye su za su ce a dawo da manhajar kawai. Mun yanke shawarar ne da sanin haka.

Saboda wannan, idan kuna Rukunin C, abin da kuke gani a allo yanzu ya tsaya ne a 9:20. Cinikin da kuka shigar bayan nan ba zai fito ba, in ban da wanda ke jiran layi a wayarku, adadin kayan da ake nunawa ma na wancan lokacin ne. Kada ku dogara da shi wajen yi wa mai saye alkawarin kaya, ku leƙa ku ƙirga.

Abin da ake yi a yanzu: sabar tana da rajistar da take fara rubuta kowace shigarwa a ciki kafin ta kai ta mazauninta. Mun ƙara wa ma'ajin wuri, mun kwafe wannan rajistar zuwa wani waje na daban don kada a taɓa ta asali, kuma da 11:40 muka fara karanta ta cikin ɗaya daga sabobin kwafi. Zuwa yanzu an wuce rabi, ba a ci karo da ɓaraka ba. In an gama, sai mun gwada lambobin rasit da jimillar ciniki na ɓangarorin biyu mun ga sun yi daidai kafin mu buɗe. Buɗewar ma kaɗan-kaɗan za a yi, don wayoyi masu yawa na riƙe da cinikin awa uku, kuma idan suka turo a lokaci guda za su iya sake durƙusar da sabar.

Game da lokacin dawowa, ba za mu faɗi wani ƙarfe ba. A sanarwar ƙarfe 10 mun ce muna sa ran gamawa cikin awa ɗaya. Fata ne muka faɗa kamar tabbas, wasunku suka ce wa ma'aikatansu su dakata su jira, awa ta wuce ba a ga komai ba. Kuskurenmu ne, muna ba ku haƙuri. Shawararmu ita ce ku tsara sauran aikin yau kamar manhajar ba za ta dawo ba kafin ku tashi. Idan ta dawo da wuri, madalla.

Haka nan ba za mu ce muku babu abin da ya salwanta ba sai mun gama gwadawa. Abin da za mu iya tsayawa a kai shi ne: duk abin da aka ajiye kafin 9:20 yana nan a wuri biyu, mun duba. Na minti shidan nan yana cikin rajistar da ake karantawa, kuma abin da aka karanta zuwa yanzu lafiya lau yake. Idan aka samu wanda bai dawo ba, za mu rubuto wa mai asusun kai tsaye, da lokacin da abin ya shafa.

Ga masu haɗa nasu tsarin da namu ta API: karatu na aiki, rubutu zuwa Rukunin C na dawo da wannan amsar.

```
HTTP/1.1 503 Service Unavailable
Retry-After: 300
```

Ku bar tsarinku ya jira daƙiƙa 300 ɗin kafin ya sake gwadawa. Idan za ku sake turo buƙatar da ta samu 504, ku turo ta da `Idempotency-Key` ɗinta na farko, don kada ta shiga sau biyu.

Ba mu ga wata alamar kutse ba, kuma babu buƙatar ku canza kalmar sirri saboda wannan tangarɗar. Sai dai a irin wannan rana ne 'yan damfara ke samun ƙofa. Babu ma'aikacinmu da zai kira ku ko ya turo saƙo yana neman kalmar sirrinku ko lambar tabbatarwa wai don ya dawo muku da asusu. Duk wanda ya nema, ku katse.

Saƙonni sun yi wa sashen taimako yawa, amsa na ɗaukar kusan awa biyu. Idan tambayarku ita ce yaushe za a gyara, amsar da za su ba ku ita ce wadda ke cikin wannan sanarwar. Idan kuwa kun goge manhajar da safe, ko kuna Rukunin A, B ko D amma ajiya na ƙi muku, ku rubuto ta Taimako a cikin manhajar, ku sa lokacin da abin ya faru da lambar da kuka gani. Waɗannan muke fara dubawa. Masu tambayar rangwame a kuɗin wata, mun ga saƙonninku. Ba a yanke komai a kai ba tukuna, za mu faɗi matsayarmu a cikin cikakken rahoton da zai biyo bayan gyara.

Sanarwa ta gaba za ta fito da ƙarfe 1:30 na rana agogon GMT, ko an gama ko ba a gama ba. Idan an buɗe ajiya kafin nan, ko wani abu ya canza game da cinikin minti shidan, za ku ji daga gare mu nan take.

Shugabar injiniyoyin da ke bakin aiki,
a madadin sashen injiniyoyi da sashen taimako