Bayani Ga Mai Jiran Gwajin Tsokar Ƙoda A Maraɗi

Malam, idan jini ko furotin ya yawaita cikin fitsari, ko ƙoda ta raunana ba a gano dalili ba, likita yakan ɗebi ɗan tsokarta a duba, don a dace da magani.

Za ka kwanta rub da ciki, a kashe zafin wurin da allura, a soka siririyar allura ta baya ana kallo da na'urar hoto. In an ce ka riƙe numfashi, riƙe.

Faɗa mana in kana shan asfirin. Yana hana jini tsayawa.

Bayan an gama, kwanta rigingine awoyi. Mako 2 ban da ɗaukar kaya, noma ko hawan babur. Fitsari yana iya yin ja kwana ɗaya. In ka ga gudajin jini, zazzaɓi ko jiri, don Allah dawo asibiti nan take.