Tabbatar da lodin wannan mako: adadi da lokacin sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas

Assalamu alaikum. Alhazai masu kaya da iyayen gidanmu direbobi, barkanku da ƙoƙari. Ga abin da muka tsayar na wannan mako, a rubuce, don kowa ya riƙe magana ɗaya. Abin da aka faɗa a waya jiya, in ya saɓa da wannan, to wannan za a bi.

Mota ta farko, tumatir daga Kwanar Gafan. Alhaji, kwando 400 muke so, babban kwando, tumatir irin UTC zalla. A tsinko wanda ya fara ja yana da sauran ƙarfi, domin wanda ya nuna sosai a gona ba ya kai Jebba sai ya fara ruwa, ruwan kuma ya bi kwandunan ƙasa ya ɓata su. Kada a cika kwando ya yi tozo. Idan aka ɗora wani a kai, na saman ne ke fashewa, mu kuma a nan mai saye na saman yake dubawa ya yi ciniki. A yi lodi ranar Litinin 2 ga Fabrairu bayan la'asar, rana ta yi sanyi, mota ta tashi kafin ƙarfe 9 na dare. Muna jiran ta a ƙofar kasuwa ranar Laraba 4 ga wata, ƙarfe 4 na asuba. Masu sari daga Oyingbo da Mushin da sassafe suke zuwa, kuma tumatirin da aka sauke bayan ƙarfe 9 ya riga ya rasa farashin safe.

Mota ta biyu, albasa daga Aliero: buhu 250, babban buhu, busasshiya, ba mai ɗanyen wuya ba. Solo ba ya cikin wannan lissafi. Wanda yake da solo ya faɗi adadinsa daban, a yi masa kuɗinsa daban. Lodi Talata 3 ga wata da safe, a biyo ta Yauri da Kontagora zuwa Mokwa. Sauka Alhamis 5 ga wata, amma Malam direba a kula, Alhamis da safe ana sharar kasuwa a Legas, ba a ciniki sai ƙarfe 10. Ko dai ka shigo kafin ƙarfe 6, ko ka huta a Ogere ka taso yadda za ka iso bayan goma. Albasa tana jure jira, tumatir ne ba ya jurewa.

Mota ta uku, daga Zariya: tattasai buhu 120, attaruhu buhu 80, jimla 200. A sa wa buhunan attaruhu jan fenti a baki, 'yan dako su gane su ba sai an kwance ba. Lodi Laraba da yamma, sauka Juma'a 6 ga wata kafin ƙarfe 5 na asuba. Tamfol a ɗaura shi da sarari ta gefe, iska ta riƙa shiga, in ba haka ba tattasai zai yi zufa ya dahu a hanya.

Kada kowa ya rubuto "daren Laraba" kawai, wani zai ɗauka daren Talata ne wayewar Laraba, wani ya ɗauka Laraba da dare. A sa rana, kwanan wata da ƙarfe nawa.

Kafin a ja tamfol, mai kaya da direba su ƙirga tare, a rubuta adadin a takardar kaya, su biyun su sa hannu, a ɗauki hotonta da lambar mota a turo nan. Da wannan takarda za mu ƙirga a wajen sauke. Idan kaya bai kai adadin ba, babu laifi, a faɗa tun mota ba ta tashi ba, mu rage wa masu sarin da muka yi wa alkawari. Kada kuma a ɗora kayan wani a kan namu ba da saninmu ba, nan ne lissafi yake rikicewa, har a zargi yaron mota da abin da bai yi ba.

Direbobi, kira uku muke buƙata: lokacin tashi, in an haye gadar Jebba, sannan in an bar Ibadan. Da kiran Ibadan muke tara 'yan dako mu kama wurin tsayawa. In kun iso Berger ku sake bugowa, yaronmu zai tare ku a Ketu. Idan mota ta lalace ko aka rufe hanya, a kira nan take ko tsakar dare ne, a faɗi garin da ake. Ba mu ce kowa ya yi gudu don cika lokaci ba, wanda barci ya kama ya faka ya kwanta, ya dai sanar da mu.

Kuɗin mota rabi a wajen lodi, cikon bayan an sauke an ƙirga, ta banki, a ranar.

Kowa ya amsa yau Lahadi kafin sallar isha'i. "To" ko hoton babban yatsa bai wadatar ba, a maimaita adadin da lokacin, kamar haka: "Na gani, kwando 400, Laraba 4 ga wata, ƙarfe 4 na asuba." Wanda bai amsa ba zan kira shi bayan isha'i. Allah Ya tsare hanya, Ya kawo ku lafiya.