Bayanan shafukan bitar alhazai kafin fita Mina

Hajiya, ga bayanan da na rubuta a ƙarƙashin kowane shafi, tunda ke za ki gabatar wa mata, ni kuma maza, a masaukin Misfala da ke Makka bayan La'asar. Malam ya tsara shafukan a 2023, ya koma gida bai bar bayanin shafukan ko layi ɗaya ba, don shi komai a kansa yake. Na kira shi sau biyu ya warware mini wasu wurare. Inda kika ga baka biyu, da ke nake, kada ki karanta wa jama'a.

Shafi na 1: Sallama

Assalamu alaikum, baƙin Allah, sannunku da zuwa. Rabin awa za mu ɗauka. Mai tambaya ya riƙe ta sai ƙarshe.

(Ki ambaci Malam, ki ce aikinsa ne muka gada. Tsofaffin alhazai sun san shi, za su tambaya.)

Shafi na 2: Yawan jama'a

(Adadin da ke jiki na 2023 ne, 1,845,045. Na bar shi, na ƙara na 2025 a ƙasansa.)

A 2025 mutum 1,673,230 suka yi Hajji. Irin wannan taro ne zai tsaya a Arfa rana ɗaya, mu ma muna cikinsa. Wanda ya saki ayarinsa a irin wannan taro, nemo shi sai an sha wuya.

Shafi na 3: Taswira

Ranar 8 ga Zulhijja Mina. Ranar 9 Arfa, bayan faɗuwar rana Muzdalifa. Ranar 10 mu koma Mina.

(Ki bi hanyar da yatsa, kada ki daɗe.)

Shafi na 4: Hoton allo mai ruwan ɗorawa

(Wannan hoton ya fi ba ni wahala, ba kalma ko ɗaya a jikinsa. Da na tambayi Malam ya ce alamar iyakar Arfa ce.)

Ku dubi allon nan da kyau. Shi ke nuna inda Arfa ta fara da inda ta ƙare. Ko Masallacin Namira, sashensa na gaba ba ya cikin Arfa. Tantinmu kuwa yana ciki, wanda ya zauna a nan tsayuwarsa ta yi. Ba sai an hau Dutsen Rahama ba.

Shafi na 5: Zafi

(Malam layi ɗaya ya sa: a sha ruwa. A lokacin ya wadatar, yanzu bai isa ba. Nan za ki fi daɗewa, ko da za ki gajarta sauran.)

Iyayena da 'yan'uwana, a Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Hukumar lafiya ta ƙasar nan ta ce mutum 1,301 suka rasu, Allah Ya jiƙan su, kuma kashi 83 cikin 100 marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. A 2025 aka umurci alhazai su zauna cikin tanti ranar Arfa daga 10 na safe zuwa 4 na yamma. Mu ma haka za mu yi.

Kada ku jira ƙishirwa kafin ku sha ruwa. Na san wasu iyayenmu na rage sha don gudun layin bayan gida. Ni da kaina na riƙe wani dattijo a Arfa, gorarsa cike a jaka, bakinsa a bushe, yana magana ba kan gado. Don Allah ku sha. Wanda kuka ga yana jiri, ko jikinsa ya yi zafi rau ya fara ruɗewa, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a kira 997 ko 911 nan take.

(Ki sa su maimaita lambobin da baki sau uku.)

Shafi na 6: Jifa

Tsakuwa 7 ranar 10, sai 21 ranar 11, 21 ranar 12, duka 49. Mai kaiwa ranar 13 zai jefa 70. A lokacin da aka ba ayarinmu za mu fita. Mara lafiya da tsoho mai rauni suna iya wakilta wani.

(Tambayar fiƙihu ki mayar wa malamin ayari.)

Shafi na 7: Kati

(Sabon shafi ne, ni na ƙara. Na cire na lambobin wayar ma'aikata, rabinsu sun bar aiki.)

Katin Nusuk ya zauna a wuyanku dare da rana, da shi ake shiga Mina da Arfa. Kowa ya ɗaga nasa yanzu mu gani. Wanda nasa bai zo ba ya tsaya bayan addu'a mu rubuta sunansa.