Sanarwa ga 'yan fansho kan sabuwar hanyar tabbatar da cewa suna raye

Daga sashen tantancewa zuwa ga iyayenmu 'yan fansho, maza da mata.

Koke ya yi yawa cewa ana tsayar wa mutane kuɗi alhali suna nan da ransu. Wannan abu ya dame mu ƙwarai, shi ya sa muka zauna muka rubuta matakan dalla-dalla, domin kowa ya san inda takardarsa take maƙalewa da dalilin maƙalewar.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, zuwan mutum da ƙafarsa ba hujja ba ne. Akawun da ke taga yana ganinku, yana jin gaisuwarku, yana kuma amsawa, amma matakin albashinsa bai kai na wanda zai yanke hukunci kan rai ba. Takarda ce kaɗai take shiga fayil. Don haka masu ɗaga murya suna cewa "ga ni nan a gabanka" su yi haƙuri, babu gurbin da za a rubuta wannan magana a fom.

Abin da ake buƙata shi ne takardar shaidar rai daga likita, da hoto guda 4, da shaidu 2, da hoton yatsa. Takardar likita tana aiki na kwana 30 daga ranar da aka buga mata hatimi. Fayil kuwa yana bi ta tebur 7 kafin ya kai ga mai sa hannu, kuma kowane tebur yana riƙe shi kwana 6 na aiki, wato kwana 42 na aiki ke nan, sama da mako 8. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa wa'adin takardar yana cika ne tun fayil yana tebur na 4. A nan ne mafi yawan fayiloli suke juyawa. Jami'in tebur na 4 ba shi da ikon tura fayil gaba da takardar da ta daina aiki, sai ya mayar da shi tebur na 1, a kawo sabuwa, a sake farawa. Wasu sun yi dabarar kawo sabuwar takarda a rana ta 29. Wannan ba ya yi, saboda ba a ƙara wa fayil takarda yana kan hanya, sai ya dawo rajista. Wasu kuma sun roƙi likita ya rubuta kwanan wata na gaba. Shi ma ba ya yi, domin likita ba zai iya shaidar ran da mutum bai riga ya yi ba.

Mafitar da kwamiti ya amince da ita ita ce takardar cike giɓi, wadda ke nuna cewa mutum bai rasu ba tsakanin takardar farko da ta biyu. Tana aiki na kwana 14. Ana neman ta a tebur na 5.

Batun hoto ba shi da wuya. Kada ya wuce wata 3 da ɗauka, kuma dole ya yi kama da hoton da ke cikin fayil, wanda aka ɗauka ranar kama aiki. Furfura da ramar fuska da rashin haƙora duk ana lissafa su a matsayin saɓani tsakanin takardu. Wanda ya tsufa sai ya haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, ya faɗi lokacin da ya fara tsufan da kuma dalilin da ya sa bai sanar da ofis ba.

Shaidu su ne inda ake yawan tafka kuskure. Ba a karɓar shaidar wanda ba a tabbatar yana raye ba, kuma kowa zai yarda da hikimar hakan. Saboda haka kowane shaida zai zo da nasa shaidu 2, su ma kowannensu da nasa 2. A da babu iyaka, amma don sauƙaƙa wa dattawa an tsaya a hawa na 10. A wannan hawa akwai mutum 1,024, jimillar shaidu duka kuwa 2,046. Su zo rana ɗaya, kowa da katin shaidarsa da kwafinsa 2. Ɗakin jira yana da benci 3, ɗaya ba shi da ƙafa, don haka a zo da wuri. Idan ɗaya daga cikin shaidun ya fita neman ruwa aka kira sunansa, duk waɗanda ya tsaya musu sun faɗi tare da shi.

Na'urar ɗaukar hoton yatsa tana karanta zanen da ke fatar yatsa ne. Shekaru da aikin hannu suna shafe wannan zane, bushewar fata kuma tana ƙara dagula shi, shi ya sa take yawan ƙin tsofaffi. A ɗan jiƙa yatsan, a goge gilashin, a danna ba da ƙarfi ba. Gwaji 3 ake yi. In ta ƙi a na uku, ana rufe sunan mutum kwana 90, kuma a cikin kwanakin nan takardar likita da hoto duk za su daina aiki. Ranar da babu sabis ba a gwaji, amma ana lissafa ta cikin ukun, tunda mutum ya zo.

Sai ɓatan fayil. Fayil ba ya ɓata a hukumance, sai dai a ce ba a gan shi ba tukuna. Bayan wata 6 ana iya buɗe na wucin gadi, in an cike fom ɗin neman fayil. Ƙa'ida ta ce kowane fom ana saka shi ne a fayil ɗin mai shi, don haka sai an samo fayil ɗin da ake nema kafin a karɓi fom ɗin. Idan kuma aka buɗe na wucin gadi sannan na asali ya bayyana, to mutum ya zama biyu a lissafinmu, kuma ɗaya daga ciki na bogi ne. Ana dakatar da kuɗin duka biyun har kwamiti ya gano wanne ne na gaskiya. Ana son su biyun su halarci zaman.

Wanda ya ga an rubuta "a jingine tukuna" a bangon fayil ɗinsa kada hankalinsa ya tashi. Ba a ƙi ba, ba a kuma amince ba. Masinja zai kai shi kabad na ƙasa, inda babu wanda zai taɓa shi ballantana ya ɓata.

Muna samun tambaya daga iyalai kan wanda rai ya yi wa halinsa yana cikin jira. Muna yi musu ta'aziyya. Sai dai ba za mu iya rubuta rasuwar wanda ba a kammala tabbatar da ransa ba, domin rajista ba ta cire abin da ba ta shigar ba. Dole marigayin ya ƙarasa tantancewar da kansa, sannan magada su buɗe fayil ɗin haƙƙoƙinsa. Lambarsa ta layi ba ta faɗuwa, ana gadonta, kuma idan magada sun fi ɗaya za su riƙa tsayuwa bi da bi.

Ana karɓar takardu ranar Talata daga ƙarfe 10 zuwa 11 na safe, wanda shi ne lokacin taron mako na ma'aikatan taga. Mai ƙorafi ya rubuta ya jefa a akwatin da ke bakin ƙofa. Makullin akwatin yana hannun jami'in da ya yi ritaya bara, kuma zai miƙa shi da zarar an tabbatar yana raye. Shi ne na 412 a layi, a taimaka kada a sha gabansa.

Mataimakin mai riƙon ƙwarya ne ya sa hannu, a madadin shugaban sashe da ke hutu. Sanarwar za ta fara aiki idan an samo hatimi.