Wace Ƙofa Ce Ta Waraka? Bori, Ruƙiyya da Asibiti

Budurwa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, tana fizge-fizge, kumfa na fita a bakinta. Kakarta ta ce iska ce, mahaifinta ya aika a kira malam, yayanta ya ce farfaɗiya ce, a tafi asibiti.

Ɗan bori ba ya faɗa da iska. Da garaya ko goge ake kiran iskoki irin su Sarkin Rafi ko Inna, a ji buƙatarsu, a yi girka, wato a shigar da mai ciwo bori, ta zama goɗiyar da iskan ke hawa, su zauna lafiya har mutuwa. Mai ruƙiyya kuwa korar aljanin yake yi, da karatun Alƙur'ani, da tofi a ruwa, wani lokaci da hayaƙin habbatussauda. Likita ƙwaƙwalwa yake dubawa, ya rubuta ƙwayar da ke hana faɗuwa.

A ganina, ƙwayar nan ba ta da madadi, domin yarinyar da ke faɗuwa kusa da murhu rayuwarta na cikin haɗari. Sai dai likita ba ya amsa tambayar kaka: me ya sa ita, me ya sa yanzu? Haka kuma ƙwaya ba ta dawo da saurayin da ya gudu. Shi ya sa ake ganin laya a wuyan mai riƙe da katin asibiti.