Jawabin Wakiliyar Ɗalibai a Bikin Yaye 'Yan Ajin Ƙarshe na Sakandare, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban taro, Malam shugaban makaranta, malamanmu masu daraja, iyayenmu maza da mata, da 'yan uwana ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa a madadin 'yan ajinmu su arba'in da biyu.

A watan Satumba na 2019 muka shigo wannan makaranta, kuma ba mu cika shekara ba cutar korona ta sa aka rufe makarantun Legas. A lokacin wasunmu sun zaci karatun ya ƙare ke nan, amma malamanmu ba su sake mu ba, suka riƙa aiko da darussa ta wayoyin iyayenmu har Allah ya sa aka buɗe. Malamai, kun koya mana lissafi da Turanci da kimiyya, kun kuma koya mana yadda ake gaida babba da riƙon amana. Duk wanda muka ɓata wa rai a cikinku, muna roƙon ya yafe mana.

Yanzu ina neman izini in juya wajen iyayenmu, domin takardar da za a miƙa mana yau da guminsu aka rubuta ta. A cikinku akwai wanda yake fita kafin kiran assalatu ya kama motar kasuwar Mil 12, ya yini cikin kwandunan tumatir da buhunan albasa. Akwai wanda yake aiki a mahautar Oko-Oba, akwai mai shayi a bakin titin jirgi, akwai kuma iyaye mata da suke soya ƙosai ko su yi ɗinki a ɗaki guda, suna zuba adashi don kada a koro mu saboda kuɗin makaranta. Ni kaina na sha ganin Baba ya dawo da dare bayan cunkoson hanya, ƙafafunsa duk taɓon damina, amma kafin ya nemi tuwo sai ya ce, “Ina littafinki? Me aka koya muku yau?” Mama kuwa ba ta taɓa bari na fita da safe ba burodi a jaka ba. Mun gani, kuma ba mu manta ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ba mu ikon kyautata muku.

'Yan uwana, mun zauna a benci ɗaya da Yarabawa da Ibo, mun ari littattafan juna, har harsunan juna mun tsinta. Daga yau wasu za su nufi jami'a, wasu koyon sana'a, wasu kuma za su koma Arewa. Ina roƙon mu riƙe zumunci, mu riƙa leƙo ƙannenmu da muka bari a nan.

Allah ya sa wa karatunmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.